Yadda ake rubuta kan saƙon imel na rashin zuwa aiki don shugaba ya buɗe ya gane nan take

A wani ofishi da na yi aiki a Garwa, mai kula da sito ya sami labarin rasuwar mahaifinsa a Ngaoundéré daren wata Lahadi, ya shirya ya kama hanya tun kafin asuba. Bai yi sakaci ba, domin kafin ya fita ya zauna ya rubuta wa shugabar sashenmu imel mai cike da ladabi, ya bayyana rasuwar, ya faɗi kwanakin da zai yi, har ya ambaci cewa makullin sito yana hannun maigadi. Amma a gurbin kan saƙo, wurin da wayoyinmu ke nuna `Objet`, abin da ya rubuta shi ne `Bonjour Madame`. Da safiyar Litinin shugabar ta ga saƙon a cikin jerin wasu da dama, ta ɗauka gaisuwa ce ko wata magana da za ta iya jira, ta wuce taro. Ƙarfe tara motar kaya ta iso, aka yi ta neman mai sito, wayarsa ba ta shiga saboda yana kan hanya, maigadin dare kuma ya tafi gida da makulli a aljihunsa. Sai bayan azahar aka buɗe saƙon, aka ga amsar duk abin da ake nema tana ciki tun daren jiya. Da ya dawo na je yi masa gaisuwa, sai ya ce da ni: "Wallahi Malam, na rubuta komai, ban bar komai ba." Gaskiya ya faɗa, ya rubuta komai, sai dai ya ajiye shi a inda ido ba ya kaiwa da farko.

Wanda aka aika wa saƙo abubuwa uku yake gani kafin ya buɗe: sunan mai aikowa, kan saƙon, da ɗan guntun layin farko. A kan waɗannan ukun yake yanke shawarar ko ya buɗe yanzu ko ya bari sai an jima. Don haka ƙa'idar da nake bi, kuma nake koya wa sababbin ma'aikata, ita ce a rubuta kan saƙon kamar ba za a taɓa buɗe imel ɗin ba. Idan shugaba ya karanta layin nan kaɗai, ya kamata ya san ko roƙo ake yi ko sanarwa, ya san ranar da ba za a zo ba, ya kuma san ranar dawowa. Matakan da ke tafe hanya ce ta shigar da waɗannan abubuwa cikin ɗan ƙaramin gurbi.

Mataki na farko: ka tantance ko izini kake nema ko sanarwa kake yi

Kafin ka taɓa waya, ka tambayi kanka abin da kake so mai karatu ya yi. Idan ranar ba ta zo ba, kuma tafiyarka ta rataya ga amincewarsa, to roƙo kake yi, kana jiran amsa. Idan kuwa abin ya riga ya faru, misali ka tashi da zazzaɓi ko an yi rasuwa, to sanarwa kake yi, abin da ake bukata daga shugaba shi ne ya san wanda zai riƙe aikin. Waɗannan saƙonni biyu ba ɗaya ba ne, kuma kalmar farko ta kan saƙon ce ke raba su. A ofisoshinmu na Kamaru da Cadi, inda yawancin rubutun aiki da Faransanci ake yi, roƙo yana farawa da `Demande`, sanarwa kuma da `Absence`. Shugaban da ya ga ta farko ya san akwai abin da zai sa wa hannu, wanda ya ga ta biyu ya san akwai gurbin da zai cike a yau.

Haɗa su yana jawo matsala ta fuska biyu. Wanda ya rubuta `Absence` alhali bai sami izini ba ya zama kamar ya yanke wa kansa hukunci, kuma akwai shugabannin da wannan ke ɓata wa rai ƙwarai. Wanda kuma yake kwance a asibiti ya rubuta `Demande` ya sa an ajiye saƙonsa cikin takardun da za a duba idan an sami sarari, alhali kujerarsa babu kowa tun safe.

Akwai kuma dalilin lissafi. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta tanadi izini na musamman har kwana goma a shekara saboda lamuran iyali da suka shafi gidan ma'aikaci, ana biyan albashinsu, kuma ba a cire su daga hutun shekara. Ma'ana, kwana ukun da aka yi saboda rasuwa da kwana ukun da aka ɗiba daga hutun shekara ba shafi ɗaya ake rubuta su ba. Idan ka sa `permission` inda ya dace, `congé` inda ya dace, `maladie` inda ya dace, mai kula da takardun ma'aikata zai kai kwanakinka inda suka cancanta ba tare da ya kira ka ya tambaya ba.

Mataki na biyu: kwanan wata, a rubuce ƙarara

A nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe a kai. Kalmomin "yau" da "gobe", wato `aujourd'hui` da `demain`, suna da ma'ana ne kawai a lokacin da ake rubuta su. Duk wanda ya zauna a arewa ya san yadda layi ke ɗaukewa, ko wuta ta tafi waya ta mutu. Ka danna aikawa ƙarfe goma na dare, saƙon ya maƙale a `Boîte d'envoi`, bai fita ba sai ƙarfe shida na safe da layi ya dawo. Shugaba ya ga `Absent demain` ɗauke da lokacin safiyar Litinin, sai ya fahimci Talata kake nufi, ya ci gaba da jiranka a ranar da kake kan hanya. Ko da saƙon ya isa a kan lokaci, bayan wata biyu idan ana haɗa lissafin kwanaki, "gobe" ba ta gaya wa kowa komai.

Maganin wannan shi ne a rubuta sunan rana da lambarta, a kuma rubuta watan da haruffa. `lundi 10 nov` ya fi `10/11` tsaro, musamman ga masu aiki da ƙungiyoyin ƙasashen waje, domin Ba'amurke yakan fara da wata kafin rana, ya karanta `10/11` a matsayin 11 ga Oktoba. Sunan ranar yana da wani amfanin kuma, domin shi ne ke tona kuskure: idan ka rubuta Litinin 11 alhali 11 Talata ce, mai karatu zai lura ya tambaya, amma lamba ita kaɗai idan ta karkace babu mai ganewa.

Sai ranar dawowa, wadda a ganina ita ce abin da shugaba ya fi bukata, kuma ita ce aka fi mantawa. Idan ka rubuta `jusqu'au 12`, wato har zuwa 12 ga wata, an bar tambaya a buɗe: ranar 12 kana ofis, ko ita ce ranar ƙarshe ta hutun? Mutum biyu za su karanta, kowa ya fahimci nasa. Wasu kan ƙara `inclus` don a san ranar tana ciki, kuma hakan daidai ne, amma na fi son a faɗi ranar dawowar kai tsaye da kalmar `retour`, domin ba ta barin wani lissafi ga mai karatu. Idan ba wuni guda za ka yi ba, ka sa sa'o'i. Mai zuwa ganin likita da safe ya rubuta `7h30-11h`, a san cewa taron ƙarfe sha biyu zai same shi.

Wani lokaci ranar dawowa ba ta hannunka, kamar mai jinyar da likita bai sallama ba, ko wanda damina ta tsare a hanyar Marwa zuwa Kusiri. Kada ka yi shiru a kan wannan, kuma kada ka ƙirƙiri ranar da ba ka da tabbacinta. Ka rubuta `retour à confirmer`, sannan a cikin saƙon ka faɗi lokacin da za ka sake yin magana.

Mataki na uku: jera kalmomi yadda waya ba za ta datse muhimminsu ba

Allon kwamfuta yana nuna dogon kan saƙo, amma waya a tsaye takan nuna haruffa talatin zuwa arba'in ne kawai, gwargwadon girmanta da girman rubutun da mai ita ya zaɓa, sauran kuma ta maye gurbinsu da ɗigo uku. Shugabanni da yawa a waya suke fara duba saƙonni, tun suna gida ko suna cikin mota. Saboda haka abin da ke farkon layi shi ne ke rayuwa.

A makaranta an koya mana rubuta wasiƙar hukuma da kai irin wannan:

```
Demande d'autorisation d'absence pour raisons familiales du 10 au 12 novembre
```

A kan takarda wannan kai ba shi da aibi, kuma haka ya kamata a rubuta shi a wasiƙar da za a buga a sa hannu. Amma ka ƙirga: `Demande d'autorisation d'absence` kaɗai haruffa 32 ne idan an haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Wato gurbin da waya ke nunawa ya kusa cika kafin a kai ga kwanan wata. Shugaba zai ga cewa wani yana neman izini, amma ba zai san ko na gobe ne ko na wata mai zuwa ba, sai ya ajiye. Gyaran shi ne a jawo kwanan wata gaba, a rage kalmomin da ba su ɗauke da labari:

```
Demande absence 10-12 nov (3 jours)
```

Ladabi bai ragu da wannan ba, domin wurin gaisuwa da girmamawa yana cikin saƙon, inda za ka buɗe da `Madame` ko `Monsieur` ka yi bayani a natse. Kan saƙo kamar rubutun da ke bayan ambulan ne, aikinsa ya nuna hanya.

Yanzu mu koma ga mai sitonmu, mu gina nasa daga tushe. Abin ya riga ya faru, don haka sanarwa ce, kalmar farko `Absence`. Kwanakin su ne Litinin 10 zuwa Laraba 12 ga Nuwamba, zai dawo Alhamis 13. Wannan ya ba mu:

```
Absence 10-12 nov, retour jeudi 13
```

Haruffa 34 ke nan, kusan duka za su fito a waya. Abin da ya saura shi ne dalili da maganar makulli. Tun da makullin ne zai tsayar da aiki da safe, shi ya cancanci wuri na gaba, dalili kuma ya zo a ƙarshe inda ko an datse shi ba a yi asara ba:

```
Absence 10-12 nov, retour jeudi 13 - clé magasin chez le gardien (décès)
```

Waya za ta datse wutsiyar, amma shugabar da ta ga mai sito ba ya nan kwana uku za ta buɗe nan take, kuma da buɗewa za ta ga cikakken layin da maganar makulli kafin ta karanta gaisuwa. Da haka ya rubuta, da an tsayar da maigadi kafin ya tafi gida. Ba kowane saƙo ne ke bukatar irin wannan ƙari ba. A sa shi ne kawai idan akwai abu guda da zai tsaya saboda rashinka a cikin sa'o'in farko, kamar makulli, ko jarrabawar da kai ne mai sa ido, ko taron da kai za ka jagoranta.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake ba da shawara a yi sau ɗaya a lokacin da babu gaggawa: ka aika wa kanka saƙon, ka duba shi a jerin saƙonnin wayarka ba tare da ka buɗe ba. Inda ɗigo uku suka fara, nan ne iyakar gonarka.

Mataki na huɗu: suna da dalili, gwargwadon bukata

Idan da adireshin aikinka kake aikawa, kuma cikakken sunanka ne ke fitowa, ba sai ka maimaita shi a kan saƙo ba, domin ɓarnar gurbi ce. Amma a wurinmu sau da yawa ba haka lamarin yake ba. Mara lafiya kan sa ƙaninsa ya aika daga wayarsa, wani kuma adireshinsa na kansa yana ɗauke da laƙabin da abokai suka sa masa tun yana saurayi, wanda babu mai gane shi a ofis. A irin wannan hali dole suna ya shiga, kuma ya zo da wuri, nan da nan bayan kalmar farko. Haka ma idan adireshin da kake aika wa na sashe ne gaba ɗaya, inda mutane da yawa ke dubawa. Malamin makaranta ya ƙara ajin da zai zauna babu malami, misali `3e A`, domin shi ne abin da mai tsara darussa zai fara nema. Ɗalibin jami'a, a Marwa ne ko a Ngaoundéré ko a Njamena, ya sa lambar rajistarsa da sunan darasin, tun da malami ɗaya yana iya koyar da ɗaruruwa, masu suna iri ɗaya kuma ba su da iyaka. Uban da ke rubuta wa makarantar ɗansa ya sa sunan yaron da ajinsa, ba nasa sunan ba.

Game da dalili kuwa, kalma ɗaya ta wadatar, wani lokaci ma babu ita ya fi. A tuna cewa kan saƙo shi ne ɓangaren da ya fi fita fili: yana bayyana a allon waya ko tana kulle a kan tebur, yana bin saƙon duk inda aka tura shi, kuma sakatare yana ganinsa ko bai buɗe ba. Saboda haka `maladie` ko `raison médicale` ya isa, sunan cutar ba shi da wuri a nan, haka ma maganar ciki ko rikicin gida ko zuwa kotu. Rasuwa ce kaɗai nake ganin ambatonta a fili yana da amfani, domin a al'adarmu labari ne da ake so a sani, abokan aiki su yi ta'aziyya, shugaba kuma ba zai tsaya tambayar dalilin tafiyar gaggawa ba. Idan kana da takardar likita a haɗe, `certificat joint` a ƙarshen layi yana rage kai da kawo.

Mataki na biyar: abubuwan da ke binne saƙo

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne a nemo wani tsohon saƙo na shugaba a danna `Répondre` don gudun rubuta adireshi. Sanarwarka za ta fita da kai irin `RE: Rapport mensuel octobre`, kuma manhajoji kamar Gmail suna tara saƙonni masu kai ɗaya a zare guda, sai maganar rashin zuwanka ta shige ƙarƙashin rahoton da aka gama da shi tuni. Kullum ka buɗe sabon saƙo. Barin gurbin fayau shi ma haka yake, domin `(aucun objet)` ne zai fito, wanda ba ya kiran kowa.

Kalmar `URGENT` da manyan haruffa da jerin alamun motsin rai ba sa ƙara sauri kamar yadda ake zato. Suna cin gurbin kwanan wata, kuma tun da kowa yana amfani da su, ido ya saba ya daina tsayawa a kansu. Kwanan watan yau a farkon layi ya fi su nuna gaggawa, domin yana faɗin dalilinta.

Harshe kuma a bi na mai karatu da na ofis. Idan da Faransanci ake ajiye takardu, a rubuta kan da Faransanci ko da cikin saƙon zai zama da Hausa, saboda ranar da mai kula da ma'aikata zai nemi saƙonnin hutu zai rubuta wani abu kamar `subject:absence` a gurbin bincike, kuma abin da ba ya ɗauke da kalmar ba zai fito ba. A ƙungiyar da ke aiki da Turanci tsarin bai canza ba, kalmomin ne kawai ke sauyawa: `Absence 10-12 Nov, back Thu 13`. Inda kuwa kowa Hausa yake rubutawa, kamar makarantar Islamiyya ko shagon ɗan kasuwa, "Ba zan zo ba Litinin 10, zan dawo Talata 11" ya cika dukan sharuɗɗan.

Mataki na ƙarshe: idan kwanakin suka canza

Likita ya ƙara maka kwana biyu, ko ba a sami mota ba. Abin da hannu ke saurin yi shi ne a amsa a ƙarƙashin saƙon farko, amma kan saƙon zai ci gaba da cewa za ka dawo Alhamis 13, kuma wanda ya kalli layin kaɗai zai ɗauka tsohon labari ne. Layin da ya taimake ka jiya ya koma yana faɗin abin da ba haka ba. Ka rubuta sabon saƙo da kalmar da ke nuna canji a farko:

```
Prolongation absence, retour lundi 17 nov
```

A Gmail na kwamfuta akwai zaɓin `Modifier l'objet` idan kana amsa saƙo, wanda ke ba ka damar canza kan ba tare da ka rasa rubutun baya ba. A waya ya fi sauƙi ka buɗe sabo. Ka aika shi kafin ranar da ka yi alkawarin dawowa ta waye, ba bayan an neme ka an rasa ba.

Za ka gane ko kan saƙonka ya yi aiki daga irin amsar da ta dawo. Idan shugaba ya amsa da "Allah ya ƙara sauƙi" ko "Allah ya jiƙansa, sai ka dawo", ya fahimta. Idan ya kira yana tambaya "Yaushe za ka dawo?" ko "Yau kake nufi ko gobe?", to akwai abin da ya faɗi daga layin, ka duba ka gyara a karo na gaba. Idan kuma izini ka nema, shiru ba amincewa ba ne, kada ka kama hanya a kansa. Ka sake aikawa da `Rappel` a farko tare da kwanakin, ko ka je ka same shi.

Imel yana da iyakarsa. Rashin zuwan da zai fara cikin sa'a ɗaya ko biyu yana bukatar kiran waya ko gajeren saƙo ta WhatsApp tare da imel ɗin, domin ba kowane shugaba ke duba akwatinsa kafin ya isa ofis ba, imel ɗin kuma ya zama shaidar da za a ajiye. A ma'aikatun gwamnati da wasu makarantu har yanzu takardar da aka sa wa hannu ita ce abin dogaro, don haka idan ka dawo ka miƙa ta. Kwanakin da ke kan takardar su zama daidai da waɗanda ka rubuta a kan saƙon, domin su biyun ne za a ajiye gefe da gefe a fayil ɗinka.